Gibin durowa: kafin ki taɓa albashin yaran kantinki

*Assalamu alaikum. Ina da kantin kayan masarufi a Samaru. Yara biyu ke karɓar kuɗi, ɗaya da safe ɗaya da yamma, durowa ɗaya suke amfani da ita, ni kuma sai dare nake ƙirgawa. Ranar Alhamis na tarar da gibin naira 23,000, kowannensu ya rantse ba shi ba ne. In raba musu in cire a albashi? Kuma yaya ya kamata a riƙa rufe lissafi ba tare da an ci haƙƙin kowa ba?*

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki cire tukuna, kuma kada ki raba. In an raba, aƙalla mutum ɗaya ya biya abin da bai ci ba, kuma zai iya yiwuwa su biyun ne. Na yi shekaru ina aikin kashiya a wani banki a nan unguwar PZ ta Zariya, yanzu kuma ina duba wa wasu kantuna littattafansu tsakanin Sabon Gari da Tudun Wada. Abin da na gani shi ne, lambar da ake samu da daddare ana cewa "an yi shot" ba ta cika zama ainihin kuɗin da suka ɓata ba. Sau da yawa kuɗin suna nan, a asusun banki ko a hannun wanda aka aika sayen mai, rubutu ne kawai bai bi su ba.

Matsalarki tun la'asar take farawa, lokacin da na safe ya ɗauki jakarsa ya tafi, na yamma ya zauna a kujerar, ba wanda ya ƙirga komai. Daga wannan lokacin kuɗin mutum biyu sun cakuɗe, kuma babu akawun da zai iya raba su daga baya. A banki ba a barin kashiya ya taɓa durowar ɗan'uwansa ko da na minti ɗaya ne, ba don ana zargin kowa ba, sai don in an samu matsala a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Ka'idar ita ce hannu ɗaya, durowa ɗaya, a ƙirga lokacin karɓa, a ƙirga lokacin miƙawa. In ba ki da halin sayen durowa ta biyu, sayi akwatunan ƙarfe biyu masu makulli, kowa da nasa. In kantin na da kwamfuta, kowane yaro ya samu lambar shigarsa, kada ya ba ɗan'uwansa ko zai je sallah ne. Wanda zai fita ya kulle nasa, wanda zai riƙe masa wurin ya yi ciniki da nasa akwatin.

Wannan ka'idar ta haɗa har da ke, Hajiya, da maigida, da yaran gida. Na san kantunan da mai su kan miƙa hannu ya ɗebi dubu biyar na cefane ya ce "zan rubuta", da daddare kuma shi ne na farkon ɗaga murya. Ko ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Duk kuɗin da zai fita daga durowa, ko waye ya karɓa, ya bar takarda a madadinsa: nawa ne, na mene ne, ƙarfe nawa, da sa hannun wanda ya karɓa. Ƙaramin littafin rasidi mai kabon ya wadatar.

Ga yadda nake son a yi miƙa aikin. Minti goma sha biyar yake ci idan hannu ya saba. Da farko a tsayar da kuɗin canji a kan adadi ɗaya wanda ba ya motsi, misali naira 20,000 na ƙananan takardu, 'yan ɗari biyu da ɗari da hamsin. Da shi ake buɗe kowane zango, kuma mai karɓa ya ƙirga shi da hannunsa ya sa hannu kafin ya sallami mutum ko ɗaya. Idan lokacin tashi ya yi, mai tashi ya ɗauki akwatinsa ya koma ciki, inda ba masu saye, tare da mutum na biyu, ke ko wanda kika wakilta. Shi zai fara ƙirgawa, kowane nau'in takarda daban, yana rubuta yawan takardun a fili, 'yan dubu kaza, 'yan ɗari biyar kaza, har zuwa ƙasa. Sai na biyun ya sake ƙirgawa a gabansa. Kada a yarda da rafar da aka ɗaure da roba aka ce ɗari ce. A warware ta. 'Yar ɗari biyar guda ɗaya da ta shige cikin 'yan dubu ta isa ta jawo rigima, kuma tun da aka fito da sababbin takardun 200 da 500 da 1,000 a ƙarshen 2022 ana kashe su tare da tsofaffin, ido yana saurin ruɗewa idan dare ya yi, fitila ba ƙarfi.

Akwai abu guda da mutane ke yi a birkice, kuma shi ne ya fi kowane muhimmanci a wurina. A ƙirga kuɗin a rubuta kafin kowa ya duba abin da kwamfuta ko littafin ciniki ya ce. Wanda ya san adadin da ake nema, hannunsa kan kai shi can: in ya ga saura dubu ɗaya sai ya sake ƙirgawa har sai ta fito, in ya ga daidai ba zai sake ba ko da kuskure biyu ne suka rufe juna. Wanda kuma zuciyarsa ba ta da kyau, in ya san ana neman dubu tamanin ya ga tamanin da uku a hannunsa, ukun aljihu za su shiga. A injunan lissafi da yawa akwai rahoto iri biyu, `X report` wanda ke nuna cinikin da aka yi zuwa yanzu ba tare da ya rufe komai ba, da `Z report` wanda ke rufe lissafin ya mayar da shi sifili. Dukansu su zama a hannunki ko hannun manaja, ban da kashiya.

Bari in kawo miki wani dare da na zauna a kai, a wani kanti a Tudun Wada, domin a cikinsa za ki ga kusan duk abin da ke faruwa. Yarinya ce ke aikin yamma, daga ƙarfe uku zuwa tara da rabi. Kwamfuta ta nuna ta yi cinikin naira 412,600. Mai kantin, wani dattijo mai saurin fushi amma mai tsoron Allah, ya saba kallon wannan babbar lambar, alhali ba ruwan durowa da ita. A cikin wannan cinikin, 97,250 da kati aka biya a POS, 131,000 taransifa ce, 16,000 bashi ne aka rubuta wa wasu maƙwabta. Abin da aka shigar a matsayin tsabar kuɗi 168,350 ne kawai. To daga nan lissafin durowa yake tashi:

```
  20,000  kuɗin canji
+168,350  cinikin tsabar kuɗi
+ 10,000  tsohon bashi da aka biya a hannu
- 15,000  man janareta
-  3,500  kayan da aka dawo da su
-100,000  wanda Alhaji ya kwashe bayan magariba
= 79,850  abin da ya kamata a tarar
```

Da aka ƙirga, 'yan dubu 38 ne, 'yan ɗari biyar 30, 'yan ɗari biyu 25, 'yan ɗari 22, 'yan hamsin 21, 'yan ashirin 10. Jimla 61,450. Gibin naira 18,400 ke nan. Yarinyar ta riga ta fara hawaye, tana goge ido da gefen hijabinta, domin wannan ya kusa rabin abin da take ɗauka a wata. Alhaji yana tsaye a bakin ƙofa da makullin mota a hannu yana cewa, "Ni dai na gaji, wannan karon sai an biya."

Na ce masa, "Alhaji, a ba ni wayar da alat ke shigowa." A nan ake fara nema a wannan zamanin, kafin a taɓa jakar kowa. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 mutane suka saba da turawa, ke kuma da kike Samaru kin fi kowa sani, ɗaliban ABU ko biredi da ruwan leda za su saya sai su ce "ba ni lambar asusu". Abin da ke faruwa shi ne kashiya ta buga kaya, ta danna tsabar kuɗi domin ta ga mutumin ya sa hannu a aljihu, sai ya laluba ya ce kuɗinsa ba su kai ba, bari ya tura. Kaya sun fita, kuɗi sun shiga banki, amma kwamfuta tana nan tana jiransu a durowa. Muka buɗe manhajar bankin, ba saƙon tes ba, muka bi shigar kuɗi ɗaya bayan ɗaya daga ƙarfe uku zuwa tara da rabi. Abin da ya shigo 143,500 ne, kwamfuta kuma ta ce 131,000. Rarar 12,500, kuma ga ta nan guda ɗaya, ƙarfe bakwai da minti goma, daidai da wani rasidi na 12,500 da aka buga a matsayin tsabar kuɗi minti biyu kafin nan. Gibi ya sauko zuwa 5,900.

Ki lura da cewa ɗaya bayan ɗaya muka bi, muna haɗa adadi da lokaci. Kwatanta jimla da jimla kaɗai yana ruɗi, domin turawar da aka yi wa na safe tana iya makalewa saboda matsalar sabis ta faɗo da yamma, ta rufe wani ramin da ke zangon yamma. Kuma kada ki yi lissafi da abin da ya rage a asusu, saboda cajin banki da na POS sun riga sun ɗan gutsura. Adadin kowace shigowa za ki duba.

Daga nan na tambaye ta, a hankali, ko akwai wanda ta ba kuɗi ba takarda. Ta yi shiru tana tunani, sai ta ce mai Keke ɗin da ya kawo katan-katan na lemo daga Sabon Gari, Yaya ne ya ce ta ba shi dubu uku. Yayan nan babban ɗan Alhaji ne. Aka kira shi a waya, ya ce ƙwarai, shi ya ce a bayar, ya manta bai faɗa ba. Saura 2,900. Alhaji ya ja kujera ya zauna.

Ragowar ta ɗan ba mu wahala, kuma a nan wata tsohuwar dabara ta masu lissafi ta yi amfani. Idan mutum ya juya lambobi biyu da ke maƙwabtaka, ya buga 54 a maimakon 45, bambancin kullum yana rabuwa da tara ba saura. In lambar dubu da ta ɗari ne suka yi musanya, bambancin zai zama 900, ko 1,800, ko 2,700, ko 3,600, haka dai. To 2,900 tana kusa da 2,700, sai na ce a duba kayan da ake buga farashinsu da hannu, waɗanda ba su da lambar da inji ke karantawa. Ga shi nan: kiret ɗin ƙwai na 5,800 an buga shi 8,500. Ta faɗa wa mai saye farashi da baki, ya biya daidai, bai tsaya karɓar rasidi ba, yatsunta ne suka juya lambar. Kwamfuta tana neman 2,700 da ba a taɓa karɓa ba. Abin da ya rage na gaskiya, wanda ba mu gano inda ya shiga ba, naira 200 ne. Dabarar taran nan manuniya ce kawai, ba hujja ba. Lamba tana iya rabuwa da tara bisa dace, kuma sai an share sauran kurakuran take fitowa fili.

In da an cire 18,400 ɗin nan a albashinta, da Alhaji ya karɓi 12,500 sau biyu, ya sa ta biya kuɗin dakon lemonsa, ya kuma karɓi kuɗin ƙwan da ba su wanzu ba. Kuma da bai taɓa sani ba, domin wanda ya riga ya cire a albashi ba ya komawa bincike.

Akwai kuma ɗaya fuskar, wadda ta fi wannan haɗari, kuma masu kanti ba su cika kallonta ba saboda durowa tana fitowa cif. An rubuta taransifa, amma babu kuɗi a asusu. Wani lokaci alat na bogi ne, mutum ya nuna hoton rasidi a wayarsa ana cikin cunkoso aka sallame shi. Wani lokaci kuma kashiya ne ya karɓi tsabar kuɗi ya danna taransifa, ko ya ba mai saye lambar asusunsa na kansa. Shi ya sa rufe lissafi ƙafa uku gare shi kamar murhu: durowa da abin da aka ƙirga, POS da rahoton na'urar, taransifa da manhajar banki. A POS, rasidin da ya fito da `APPROVED` kaɗai ake lissafawa. In ya ce `DECLINED`, ko an cire wa mai saye kuɗi, bankinsa ne zai mayar masa, kaya ba sa fita a kan wannan. Ki manna lambar asusun kanti da sunansa a inda kowa zai gani, ki kuma ba kashiya hanyar tabbatar da shigowar kuɗi da idonsa. In wayar alat tana jakarki kina gidan biki a cikin Birni, yaro yana kira ba ki ɗauka, layi ya taru ya saki kaya, to rabin laifin alat ɗin bogin nan naki ne. Haka masu cewa "ba ni dubu biyar a hannu in tura maka": ko ki hana gaba ɗaya, ko a rubuta shi a takardar fitar kuɗi kamar kowane, in ba haka ba kullum durowa za ta yi ƙasa, banki ya yi sama.

Yanzu maganar rubutawa. Ki tanadi littafi guda, mai ɗinki, wanda ba a yage shafinsa, a rubuta da biro. Kowane zango layi ɗaya: kwanan wata, sunan mai durowa, abin da ya kamata, abin da aka ƙirga, bambanci, dalilin da aka gano, sai sa hannun mutum biyu. A rubuta kullum, har ranar da bambancin sifili ne. Kalmomin da ake zubawa a ciki su zama na abin da aka gani: "gibin 18,400, an gano 18,200, saura 200." Kada a rubuta "ta ɓatar", balle "ta ɗauka". In an gano dalili bayan kwana biyu, ba a goge tsohon layi, sai a ƙara sabo a yi nuni da na baya. A bar wa kashiya gurbin da zai rubuta nasa bayanin in bai yarda ba, kuma ki faɗa masa tun farko cewa sa hannunsa shaida ce ta an ƙirga a gabansa, ba amsa laifi ba. In bai san haka ba, ranar da aka samu babban gibi zai ƙi sa hannu, kuma yana da gaskiya. Ni nakan ba da kwana biyu kafin a kira gibi tabbatacce, saboda turawar da ta makale da irin su Yaya masu mantuwa.

Rara ma a rubuta ta, da irin nauyin da ake ba gibi. Masu kanti sukan yi murmushi in durowa ta haura, su zuba a aljihu ba tambaya, ranar da ta gaza kuma a tara yara a yi musu faɗa. Wannan rashin adalci ne, kuma rashin dabara ne. Rarar dubu biyu tana nufin ɗayan biyu: ko an tauye wa wani canjinsa, ko an sayar da kaya ba a buga ba. Na biyun shi ne hanyar da mai ɗauka ke bi, ya ƙi buga wasu kaya, ya riƙe adadin a kansa, ya zare kafin a rufe, ranar da lissafin kansa ya kuskure sai ki ga rara. A sa rarar a ambulan a rubuta kwanan wata, domin sau da yawa washegari wata za ta dawo ta ce jiya ba a ba ta canjinta ba.

Amfanin littafin sai bayan wata ɗaya ko biyu yake fitowa. Mai gaskiya kuskurensa ƙanana ne kuma ta kowane ɓangare: yau gibin ɗari, gobe rarar hamsin, jibi daidai. Wanda nasa kullum ƙasa yake yi, a dunƙule, dubu biyu, dubu uku, musamman ranakun da ba kya nan, wannan abin dubawa ne. Wanda kuma wata uku bai taɓa kuskuren naira hamsin ba, a kantin da ake fama da ƙarancin canji har ana ba mutane alewa a madadin hamsin, shi ma ina sa masa ido, domin alama ce yana daidaita durowar kafin a ƙirga. Maganin wannan shi ne ƙirgar bazata, ki shigo da rana tsaka sau ɗaya ko biyu a mako, ki ciro `X report`, a ƙirga nan take, kuma ki yi wa kowa, har wanda kika fi yarda da shi. Ita alewar canjin ma a buga ta a matsayin ciniki, in ba haka ba durowa ta haura, kwalbar alewa ta yi gibi.

Ki sa iyakar da ba a magana a kanta. A zangon da tsabar kuɗinsa ke kaiwa dubu ɗari da hamsin zuwa ɗari biyu, ni naira 500 nake sawa, sama ko ƙasa: a rubuta, kanti ya ɗauka, a wuce. Wanda ya sallami mutum ɗari biyu a yini dole wataran yatsa ya zame. Takardar jabu kuwa, in ba ki koya wa yaro yadda ake gane ta ba, ba ki sa fitila mai kyau a kan teburinsa ba, asarar kanti ce.

Sai batun cirewa a albashi, wanda mutane ke ɗauka haƙƙinsu ne kai tsaye. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 5, ta hana mai aiki cin tarar ma'aikaci ta hanyar yanke albashi. Ta yarda a cire wani abu daidai gwargwado idan ma'aikacin ya jawo asara da gangan ko ta sakaci, amma da sharaɗin an samu izinin jami'in ƙwadago a rubuce kafin a cire. Ta kuma ce duk abin da za a yanke a wata ɗaya kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashin watan. Na san ƙananan kantuna ba sa bin wannan hanyar, amma dokar tana nan, kuma ranar da magana ta kai gaban hukuma da ita za a auna ki. A fiƙihu ma, wanda aka ɗauka aiki yana tsare dukiyar mai gida amintacce ne, ba ya biyan abin da ya salwanta a hannunsa sai in an tabbatar ya yi sakaci ko ya ƙetare iyakar da aka sa masa. Malaman Zariya ba su da nisa da ke, ki tambaya ki ji. Duka biyun wuri ɗaya suka nufa: sai an nuna laifin wannan mutumin, shi kansa, kafin a taɓa kuɗinsa.

Ko da ba doka, akwai dalilin kasuwa. Duk kantin da ake yanke kowane gibi kai tsaye, yara kan koyi kare kansu. Sai su fara ɓoye rarar yau don cike gibin gobe, su riƙa danne hamsin-hamsin na masu saye, su daina faɗin kuskure in sun yi. Littafinki zai yi kyau, layi bayan layi sifili, alhali ba ki ƙara sanin abin da ke faruwa a durowar ba. Inda aka tabbatar da sakaci, misali ya bar akwati a buɗe ya fita bayan an hana, ko ya saki kaya a kan hoton alat alhali yana da hanyar dubawa, to a zauna da shi keɓe, a nuna masa takardu, a ji ta bakinsa, a rubuta abin da aka daidaita, a biya kaɗan-kaɗan. In kuwa sata ce ta tabbata da hujja, wannan ba maganar cike gibi ba ce kuma, maganar ko zai ci gaba da zama a kujerar ce. Caje jaka a gaban masu saye, ko kai yara a yi musu rantsuwa da Alƙur'ani tun ba a buɗe manhajar banki ba, ba na goyon baya. Unguwa ɗaya kuke, iyayensu sun san ki, kuma sunan ɓarawo in ya manne wa yaro ba ya fita ko kuɗin sun fito daga baya.

Game da Alhamis ɗinki, har yanzu ba a makara ba. Ciro bayanin asusun banki na ranar tun daga buɗewa har tsakar dare, da na safiyar Juma'a, ki ɗora shi gefen rasidan tsabar kuɗi, ki nemi adadin da ya bayyana a duka biyun. Fara da manyan rasidai, na dubu biyar zuwa sama, domin gibi mai girma haka ba ya taruwa daga canjin hamsin, yawanci abu ɗaya ne ko biyu. Sannan ki zauna ki tuna wanda ya kawo kaya ranar, wanda aka aika, ko an sayi mai, ko mai biredi ya karɓi kuɗinsa, ko ke da kanki kin ɗebi wani abu. Ki tambayi mutanen gida ma. Ki duba littafin bashi, ko an ba wani kaya bashi aka buga shi a matsayin an biya. Abin da ya rage bayan wannan, ki rubuta shi a shafin farko na sabon littafin da sunan kanti, "gibin da ba a gano mai shi ba, durowar haɗaka", ki ɗauke shi a matsayin asara. Gobe da la'asar ki je da akwati na biyu da dubu ashirin na canji, ki tsaya a ƙirga na safe a gabanki kafin ya tafi.